Yadda za ka koyi rubuta manhaja da kwas na kyauta ba tare da ka maƙale a kallon bidiyo ba

Akwai wata jarrabawa mai sauƙi da nake so duk mai koyon rubuta manhaja ya yi wa kansa kafin ya sake buɗe wani sabon darasi. Ka rufe YouTube, ka rufe burauza gaba ɗaya, ka buɗe fayil wanda babu komai a ciki. Ka rubuta ƙaramin shiri da zai tambayi mutum farashin kaya ɗaya bayan ɗaya, ya ci gaba da tambaya har sai an rubuta "shikenan", sannan ya faɗi jimlar kuɗin. Layi goma ma ya yi yawa. Idan ka yi wata uku ko shida kana bin darussa amma ka zauna gaban wannan fayil ba ka san layin farko ba, to ka shiga tarkon da wannan jagora ke magana a kai. Ba ƙwaƙwalwarka ce ta gaza ba. Hanyar koyon ce ba ta taɓa tilasta maka ka fitar da abu daga kanka ba.

Abin da ke faruwa shi ne, mai koyarwa a bidiyo ya riga ya yi aikin da ya fi wuya kafin ya kunna kyamara. Ya yanke shawarar abin da za a gina, ya rarraba shi gunduwa-gunduwa, ya zaɓi wanda za a fara da shi, ya ci karo da kurakurai ya gyara su a ɓoye. Abin da ya rage maka shi ne kwafar haruffa. Kana kallo kana gane kowane layi, kuma ganewar gaskiya ce, sai dai gane abu idan an nuna maka daban, tuno shi da kanka ka yi aiki da shi daban. Masu binciken ƙwaƙwalwa sun daɗe da nuna haka. A 2008, Jeffrey Karpicke da Henry Roediger sun buga wani bincike a mujallar Science inda ɗalibai suka haddace kalmomin Suwahili da ma'anarsu. Bayan mako guda, waɗanda aka riƙa sa su tuno kalmomin da kansu sun riƙe kusan kashi 80 cikin ɗari, waɗanda kuwa aka daina yi musu tambaya sun riƙe kusan kashi ɗaya cikin uku, har da waɗanda suka ci gaba da maimaita karatu a cikinsu. Yaron da ke zaune gefen tela shekara guda yana kallo zai iya faɗa maka yadda ake ɗinka wuyan kaftani, amma ranar da aka ba shi almakashi da yadin wani, ranar ce koyonsa ya fara.

Mataki na farko: kwas ɗaya, mai aikin gida da ake dubawa

Ka zaɓi yare ɗaya da kwas ɗaya, ka yi wa kanka alkawarin ba za ka taɓa wani ba sai ka gama. Ga mai farawa da bai riga ya san inda ya dosa ba, Python nake ba shawara, domin rubutunsa ba shi da yawan ƙa'idojin da ke kashe wa sabon shiga gwiwa, kuma yana gudana har a wayar Android.

Sharaɗin da zan kafa wa kowane kwas shi ne ya kasance yana ba ka matsalar da ba a warware a cikin darasin ba, kuma akwai abin da zai duba amsarka ya ce ta yi ko ba ta yi ba. Jerin bidiyo na awa goma sha biyu da babu aikin gida bai cika wannan sharaɗi ba, komai iya bayanin mai shi. Guda biyu da suka cika shi sosai su ne CS50P na Jami'ar Harvard, wanda David Malan ke koyarwa, da kwas ɗin Python na Jami'ar Helsinki da ke dandalin mooc.fi. Na Helsinki yawancinsa karatu ne da ɗimbin ƙananan atisaye, kashi 14 ne, bakwai na farko na masu farawa, don haka ya fi dacewa da wanda datarsa ba ta da yawa. CS50P kuwa lacca ce ta bidiyo, mako 0 zuwa mako 9, yawancin makwannin da nasu matsalolin, sannan akwai umarnin `check50` da ke gwada aikinka, a ƙarshe kuma ka gina abin kanka. Takardar shaidar CS50P ta kyauta tana buƙatar ka samu aƙalla kashi 70 a kowane aiki. Wanda ya riga ya san shafukan intanet yake son ginawa, freeCodeCamp ko The Odin Project ne suka fi masa, amma shi ma ɗaya zai ɗauka.

A sauran wannan jagora da CS50P zan yi misali, domin a samu abu ɗaya da za a bi.

Maganar kayan aiki ba ta da tsawo. Idan kana da kwamfuta, ka sauke Python daga python.org, ko ka yi aiki a cs50.dev da asusun GitHub, wato dandalin da masu rubuta manhaja ke ajiye ayyukansu, sai dai cs50.dev yana buƙatar intanet duk lokacin da kake aiki. Idan waya kawai gare ka, Pydroid 3 ya isa makwannin farko, ko Termux inda za ka rubuta `pkg install python`. Ƙaramin kibod na waje da za ka haɗa da wayar zai sauƙaƙa maka rayuwa ƙwarai. Kada ka ɓata mako guda kana neman manhajar rubuta shiri da ta fi kowacce, domin shi ma wannan wani salo ne na guje wa aikin.

Mataki na biyu: yadda ake cin darasi ɗaya

Nan ne mafi yawan mutane ke ɓata. Laccar CS50P tana kaiwa awa guda ko fiye, sai mutum ya kwanta ya kalle ta daga farko zuwa ƙarshe, ya ji daɗi, ya wuce ta gaba. Ga tsarin da nake ba da shawara a maimakon haka.

Ka kalli minti goma zuwa sha biyar, daidai inda malamin ya gama misali ɗaya, hannunka ba ya kan kibod. Ka dakatar, ka kawar da bidiyon daga gabanka, ka rubuta misalin daga kanka. Za ka manta wani abu, wataƙila alamar `:` a ƙarshen layin `if`, wataƙila yadda ake rufe `while`. Kada ka koma bidiyon nan take. Ka gudanar da abin da ka rubuta, ka bar Python ya faɗa maka inda ya karye, ka gwada gyarawa. Sai abin ya faskara za ka leƙa, kuma layin da ka manta kaɗai za ka duba, ka sake rufewa. Kowace lacca tana da rubutattun bayanai a shafinta, kuma leƙa su ya fi sauri da arha a kan neman wurin a cikin bidiyo.

Idan misalin ya gudana, ka canza shi. Malamin ya yi shirin da ke ba da sakamakon jarrabawa daga maki? Ka mayar da shi shirin da ke faɗin kuɗin mota gwargwadon garin da za a je. Sannan ka karya shi da gangan: ka cire `int()`, ka matsar da layi ɗaya baya, ka ga saƙon da zai fito. Wanda ya ga `IndentationError` sau biyar da hannunsa ba zai firgita da shi ba ranar da ya zo masa ba zato.

Ma'aunin da nake amfani da shi shi ne, duk awa ɗaya ta kallo ko karatu tana bin ka bashin awa biyu zuwa uku na rubutu. Idan a ƙarshen mako ka ga awoyin kallo sun fi na rubutu, ka dakatar da kallo har sai ka biya. Wannan ma ya dace da halin da da yawanmu ke ciki na ƙarancin data da rashin wuta: ka sauke lacca ɗaya lokacin da ka samu intanet mai sauƙi, ita kaɗai ta ishe ka mako guda, domin rubutu ba ya cin data.

Sai matsalolin mako. Kada ka wuce mako ba ka gama su ba. A mako 2 akwai wadda ake kira Coke Machine, injin sayar da lemo na senti 50 da ke karɓar sulallan 25 da 10 da 5 kawai, ya ci gaba da faɗin abin da ya rage har a biya. Akwai kuma Vanity Plates, mai duba ko lambar mota ta cika wasu ƙa'idoji, wadda ke riƙe mutane kwana biyu ko uku. Amsoshinsu duk suna yawo a intanet, kuma dokar kwas ɗin ta hana duba su. Ko da ba ta hana ba, wanda ya duba ya mayar da aikin gida ya zama wani bidiyon kallo. Waɗannan kwanaki biyu na maƙalewa su ne kwas ɗin, laccar share fage ce kawai.

Mataki na uku: abin da za ka yi idan ka maƙale

Mutane ba sa komawa kallon bidiyo don lalaci. Suna komawa ne domin maƙalewa tana da ɗaci, kuma ba wanda ya koya musu abin da ake yi a cikinta. Sai zuciya ta ce, "ban fahimci tushen ba, bari in nemi wani malamin," a sake farawa daga `print("hello")` karo na huɗu.

Da farko ka karanta saƙon kuskure daga ƙasa. Layin ƙarshe ne ke faɗin irin kuskuren, layukan da ke samansa kuma suna faɗin fayil da lambar layi. Idan babu saƙo amma amsar ce ba daidai ba, ka sa `print()` a tsakiyar shirin ka ga abin da kowane suna ke riƙe da shi a daidai wannan lokaci. Sau da yawa za ka tarar abin da kake zaton lamba ce rubutu ne, ko jerin da kake zaton ya cika babu komai a ciki. Shafin pythontutor.com yana nuna shirinka yana tafiya layi bayan layi, kuma yana da amfani musamman idan `for` ko `while` ne suka rikita ka.

Idan minti talatin suka wuce ba motsi, ka ɗauki biro ka rubuta jimla uku da Hausa: abin da nake so ya faru, abin da ya faru, abin da na gwada. Rubuta su kaɗai kan fito da amsar. Idan bai fito ba, yanzu kana da tambayar da za a iya nema. Ka kwafi layin ƙarshe na saƙon kuskure ka nema, ka cire sunayen da kai ka ƙirƙira. Bambancin da ya kamata ka riƙe shi ne tsakanin neman guntu da neman dukan aiki. "Yaya ake duba ko harafi lamba ne a Python" tambaya ce mai kyau, za ta kai ka ga `isdigit()`, kuma ƙwararru ma haka suke nema kullum. "Amsar Vanity Plates" kuwa sayar da darasin ne.

Mataki na huɗu: aikin kanka, tun daga mako na uku

Kada ka jira gama kwas. Da zarar ka san `if` da `while` da `dict`, ka fara wani abu naka da za ka riƙa ginawa gefe da gefe. Ya zama ƙarami, ya zama ka san matsalar a zahiri, kuma ya zama babu bidiyon da ya gina shi daidai yadda kake so. Saboda haka ban ba da shawarar kalkuleta ko manhajar hasashen yanayi ba, domin akwai ɗaruruwan bidiyonsu, kuma hannunka zai kai can.

Bari mu bi misali ɗaya har ƙarshe: littafin bashi na mai kanti. Kowa ya san shi, wannan littafin da ake rubuta wane ya ɗauki sukari da madara zai biya ƙarshen wata. Kafin ka taɓa kibod, ka rubuta a takarda abin da shirin zai yi: a rubuta sabon bashi, a rubuta biya, a duba abin da ake bin mutum, a ga jimlar duka. Sannan ka ɗauki mafi ƙanƙanta ka fara. A ce ana bin mutum naira 500, ya ƙara ɗaukar kaya:

```python
suna = input("Suna: ")
kudi = input("Nawa ya ɗauka? ")
print(suna, 500 + kudi)
```

Ka gudanar, ka rubuta 1500, sai ga wannan:

```
TypeError: unsupported operand type(s) for +: 'int' and 'str'
```

Saƙon yana cewa ka haɗa lamba da rubutu. Duk abin da `input()` ya karɓo rubutu ne, ko da lambobi aka danna, don haka sai an ce `int(input(...))`. An faɗi haka a lacca ta farko, amma yau ne ya zama naka. Ka gyara, sannan ka yi abin da ainihin mai kanti zai yi, wato ya rubuta kuɗin da waƙafi, 1,500:

```
ValueError: invalid literal for int() with base 10: '1,500'
```

Yanzu kana da shawarar da za ka yanke, kuma babu malamin da zai yanke maka. Ko ka cire waƙafin da `.replace(",", "")`, ko ka kama kuskuren da `try` da `except` ka sake tambaya. Mafi kyau ka yi duka biyun, domin gobe wani zai rubuta "dubu biyu" da haruffa. Lura da cewa mako 3 na kwas ɗin kan `try` da `except` yake. Wanda ya ci karo da wannan matsala kafin ya kalli laccar, da yunwa zai kalle ta.

Na gaba shi ne riƙe mutane da yawa. `dict` ne ya dace, suna a gefe guda, kuɗi a ɗaya gefen. Abin da kowa ke fara rubutawa shi ne `bashi[suna] += kudi`, kuma ga sabon mutum zai ba ka `KeyError`, domin ba a ƙara wa abin da bai wanzu ba. Gyaran layi ɗaya ne:

```python
bashi[suna] = bashi.get(suna, 0) + kudi
```

Daga nan matsalolin da babu su a kowane darasi za su fara fitowa, kuma su ne suka fi koyarwa. Ka rubuta "Audu" yau, gobe ka rubuta "audu", jibi ka bar fili a bayan sunan ba ka lura ba, sai shirin ya ɗauke su mutum uku. Za ka nemi magani ka samu `.strip().title()`, wanda ke share fili ya mayar da harafin farko babba. Ka gwada shi da "sa'adu", sai ya ba ka `Sa'Adu`, domin yana ɗaukar abin da ya biyo bayan alamar a matsayin sabuwar kalma. Mai koyarwa a Amurka ba zai taɓa gwada sunan Sa'adu ba. Kai ne za ka gano, ka yanke shawarar adana sunaye da `.strip().lower()`, ka gyara su da `.capitalize()` lokacin nunawa kawai.

Sai babbar matsala: ka rufe shirin, komai ya ɓace. Dole a adana a fayil. Mako 6 na kwas ɗin ya fi mayar da hankali kan tsarin fayil da ake kira CSV, amma ga `dict` irin namu tsarin JSON ya fi sauƙi, kuma wannan dama ce ta farko da za ka buɗe docs.python.org ka karanta bayanin `json` da kanka. Karatun zai yi maka nauyi a karon farko. Ka nemi `dump` da `load` kawai, ka bar sauran.

```python
import json

def adana(bashi):
    with open("bashi.json", "w", encoding="utf-8") as f:
        json.dump(bashi, f, ensure_ascii=False)

def dauko():
    try:
        with open("bashi.json", encoding="utf-8") as f:
            return json.load(f)
    except FileNotFoundError:
        return {}
```

Kowane ƙari a nan akwai matsalar da ta haifar da shi. `except FileNotFoundError` yana nan ne domin ranar farko babu fayil ɗin. `ensure_ascii=False` yana nan ne domin in ba shi, idan ka buɗe fayil ɗin za ka ga "ɗanladi" ya koma `\u0257anladi`, wanda Python zai iya karantawa amma mutum ba zai gane ba. `encoding="utf-8"` kuwa yana nan ne domin a kwamfutar Windows, rubuta ɗ ko ƙ a fayil ba tare da shi ba na iya jawo `UnicodeEncodeError`. Idan ka kwafi wannan guntu daga nan ba ka ga waɗannan kurakurai da idonka ba, ka cire ƙarin ɗaya bayan ɗaya ka ga abin da zai faru.

Yanzu ka kai wa wani ya gwada, ɗan'uwa mai kanti ko duk wanda ke riƙe irin wannan littafi, ka zauna gefe ka yi shiru. Ba za a jima ba zai yi tambayar da za ta rushe ginin: "To, yaushe ya ɗauka? Me ya ɗauka?" Shirinka jimla kawai yake riƙewa. Idan mai bashi ya yi gardama, babu abin nuna masa. Zai kuma ce maka Audu biyu ne a layin, akwai mai shayi akwai makaniki. Gyaran na farko yana buƙatar ka canza yadda bayanan ke zaune tun daga tushe, kowane mutum ya samu jerin abubuwan da suka faru maimakon lamba ɗaya:

```python
bashi["audu"] = [
    {"rana": "2025-03-02", "kaya": "sukari", "kudi": 1500},
    {"rana": "2025-03-09", "kaya": "biya", "kudi": -1000},
]
```

Jimla yanzu lissafa ta za a yi daga jerin duk lokacin da aka tambaya, naira 500 a wannan misali. Kusan rabin abin da ka rubuta sai an sake shi, kuma za ka ji haushi. Ina roƙonka kada ka jefar da aikin a wannan gaɓa ka tafi neman sabon kwas, domin abin da ka koya yanzu, cewa tsarin bayanai ne ke yanke abin da manhaja za ta iya amsawa, shi ne abin da bidiyo ba ya iya koyarwa. Mai bidiyo da tsarin da ya dace yake farawa, ba ka taɓa ganin wanda bai dace ba balle ka san dalilin.

Kafin wannan babban gyara ne ya kamata ka fara amfani da Git, don ka iya komawa baya idan ka lalata abin da ke aiki. Kada ka yi kwas a kansa. Umarni uku sun ishe ka wata guda:

```
git init
git add .
git commit -m "kafin canza tsarin bayanai"
```

Aikin zai ci gaba da girma tare da kwas ɗin. Mako 5 yana koyar da gwaji da `pytest`, sai ka rubuta gwajin da ke tabbatar da cewa 1500 da -1000 suna ba da 500. Mako 7 yana koyar da `re`, sai ka yi amfani da shi ka duba ko lambar wayar da aka shigar ta cika lambobi 11, wanda kuma zai raba maka Audu biyun nan. Mako 8 yana koyar da `class`, sai ka duba ko littafin zai fi tsabta da shi. Wataƙila ka ga bai buƙata, kuma iya faɗin haka da hujja shi ma ilimi ne.

Mataki na biyar: duba kanka, da sanin lokacin da bidiyo ya halatta

Duk ƙarshen mako ka ware awa ɗaya ka ɗauko matsalar da ka warware makwanni biyu da suka wuce, ka sake rubuta ta a sabon fayil ba tare da duba tsohuwar ba. Idan ta fito, ka wuce. Idan ba ta fito ba, kada ka koma farkon kwas. Ka gano ainihin abin da ya tsaya maka, a ce yadda ake bin `dict` da `for`, ka yi ƙananan atisaye uku a kansa kaɗai. Exercism yana da irin waɗannan atisaye kyauta, haka ma na Helsinki, kuma ɗaukar atisaye daga wani wuri bai karya alkawarin kwas ɗaya ba muddin ba laccarsu ka koma bi ba.

Alamomin komawa tarko a bayyane suke. Ka tara kwasa-kwasai a waya waɗanda ba ka wuce kashi na uku a kowanne ba. Kana ƙara saurin bidiyo domin ka riga ka san abin da ake faɗa, amma ba ka daina kallo ba. Duk abin da ke cikin GitHub ɗinka akwai wani mai irinsa sak. Mako ya wuce ba ka ga saƙon kuskure ko ɗaya ba. Wannan ta ƙarshe ita na fi tsoro, domin mai rubuta abin da bai taɓa rubutawa ba dole ya riƙa ganin kuskure kullum.

Ban ce a daina bidiyo har abada ba. Bayan ka gama kwas, a ce kana so littafin bashin ya buɗe a burauza domin mai kanti ba zai yi aiki da baƙin allo ba. Ba ka san Flask ba, wato kayan aikin Python na gina shafukan intanet, don haka daidai ne ka bi gajeren darasi ɗaya a kansa. Sharaɗin shi ne ka shiga da tambaya a rubuce, misali "yaya zan karɓi suna da kuɗi daga fom in adana su", ka fita da zarar ka samu amsa, ko da saura awa uku a bidiyon. Abin da malamin ke ginawa nasa ne, kai kuwa a littafinka za ka sa abin da ka ɗauko a ranar. Haka za ka yi da SQLite, wato ƙaramin rumbun adana bayanai, ranar da fayil ɗin JSON ya fara yi maka nauyi, wato lokacin da kake son tambaya irin "su wa suka wuce kwana talatin ba su biya ba" ka ga kana rubuta `for` cikin `for` kafin ka samu amsa.

Game da lokaci, wanda ke ba abin awa ɗaya zuwa biyu a rana, yana yin duk matsalolin da kansa kuma yana gina nasa a gefe, ya sa ran wata uku zuwa biyar kafin ya gama CS50P. Wanda ya gama a mako biyu, ko dai ya riga ya iya wani yare, ko ya tsallake aikin. Idan ka kai ƙarshe, kwas ɗin yana neman aikin ƙarshe a fayil mai suna `project.py`, da `main` da aƙalla wasu guda uku da aka rubuta da `def`, da gwaje-gwajensu a `test_project.py`, da bayani a `README.md`, da gajeren bidiyon da kai za ka nuna yadda yake aiki. Littafin bashin da ka fara tun mako na uku, idan ka gyara shi ya bi wannan tsari, shi za ka miƙa.